Wadda ke Zaune Kan Akwatin Kifi

"To a cire ta!" in ji Bodil, ta bugi tebur har cokalin kofi ya yi tsalle. "Cewa na yi a cire ta. Ko da wani yare na yi magana?"

"A cire ta daga ina?" Rigmor ta tambaya, ko ɗago kai ba ta yi daga kwamfutar ba. "Daga hoton ko daga duniya? Shekara hamsin da huɗu tana zaune kan akwatin kifin nan, ba ni na ɗora ta ba."

"Ba ke kika ɗora ta ba? Ke ce fa!"

"Ni ce mana. Na ce ba ni ba ce?"

Preben, shugaban ɗakin adana tarihin garin Sildevig, ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen riga. Haka yake yi duk sanda mata suka tayar, tun yana shugaban makaranta. Tabaran nan ya fi komai tsabta a tsibirin nan.

"Bodil, Rigmor, don Allah," ya ce. "Ran Asabar za a buɗe shafin. Hoto ɗaya ne ya rage cikin sittin."

Ga yadda abin yake. Mutum uku ne ke aiki a ɗakin tarihin, duk tsofaffi, duk aikin sa kai, kowace Laraba da hantsi a tsohon ajin da ke bayan coci. Bara aka kawo musu kwali guda na hotunan marigayi Aksel Munk, mai ɗaukar hoton garin, jikarsa ce ta tsince shi a saman rufi. Preben ya shigar da hotunan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, aka zaɓi sittin za a sa a shafin intanet na garin. Rubutun da ake yi a ƙarƙashin hoto, wanda ke faɗin su wane ne, a ina, wace shekara, aikin Bodil ne tun shekara ashirin da biyu, ba wanda ya taɓa taɓa mata waƙafi. Sai ƙaramar hukuma ta ce ba za ta ɗora shafin a jikin nata ba sai kowane hoto yana da bayani na biyu, wanda ido ba ya gani, wanda waya ko kwamfuta ke karanta wa makaho a kunne don ya san abin da ke cikin hoton. Rigmor ce ta hau jirgin fito ta je ɗakin karatu na birni ta yi kwana biyu tana koyo. Ta dawo da littafin rubutu cike da ƙa'idoji, da sabuwar jaka, da wani irin ɗaga hanci. Daga nan suka raba sunan abin: na Bodil rubutun ido, na Rigmor rubutun kunne.

"Karanta mana kuma," in ji Preben. "A hankali. Bodil, ki bari ta kai ƙarshe wannan karon."

Rigmor ta gyara murya kamar za ta yi karatu a coci. "Baƙi da fari. Saurayi cikin rigar sanyi ta masunta yana rawa da budurwa mai riga ɗigo-ɗigo. Tana kallon fuskarsa, shi kuma ya waiga yana kallon wata budurwa da ke zaune kan akwatin kifi a gefen dama, tana dariya."

"Naki fa, Bodil?"

Bodil ba ta buƙatar takarda. "Ejnar Thygesen da Bodil Krag a rawar bikin tasha, Agusta 1969, wata takwas kafin aurensu. Hoto: Aksel Munk."

"Ka ji ko?" Rigmor ta juyo da kujera. "Nawa yana da mutum uku, nata yana da biyu. Makaho zai ji budurwa kan akwati, ya jira a faɗa masa sunanta a rubutun ƙasa, shiru. Sai ya ce ɗayarmu ba ta iya ƙirga ba. Ai dole rubutun biyu su riƙe juna, Preben. Ni in faɗi abin da ake gani, ita ta faɗi abin da ba a gani, wato suna da rana. Ta ƙara 'a zaune, Rigmor Lund', shi ke nan, mu sha kofi."

"In sa sunanki a ƙarƙashin hoton baikona?"

"Ba baikonku ba ne. Rawar tashar jiragen ruwa ce, duk gari na wurin."

"Kuma wa ya ce miki ke yake kallo? Jirgin ubansa yana ɗaure a wannan ɓangaren. Wa ya sani ko igiya yake dubawa? Ba ke kika dawo daga birni kina mana wa'azi ba, wai kada a faɗi abin da ke zuciyar mutum, a faɗi abin da ido ya gani kawai?"

"Ban ce yana sona ba, ƙawata. Na ce yana kallo." Rigmor ta ja hoton ya girma ya cika fuskar kwamfutar. Fuskar Ejnar ta fito, ɗan shekara ashirin da biyu, gashi a kwance, baki a buɗe kaɗan. "In igiya ce ake yi wa wannan kallon, to igiyar ta yi sa'a. Amma na ji. Zan iya cewa 'ya waiga wajen wata budurwa'. Na cire kallon. Kin yarda?"

Preben ya mayar da tabarau da sauri, ya ga mafita. "Ai wannan adalci ne, Bodil."

Adalci ne, Bodil ma ta san haka. Amma ba zai yi mata ba, kuma dalilin ba na faɗa a gaban Rigmor ba ne.

Ejnar mijinta, idonsa ya tafi shekara huɗu da suka wuce. A hankali ya tafi, tsakiya ta fara dushewa, sai gefe ya bi, yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Tun daga lokacin Bodil ce idonsa. Ita ke gaya masa wa ya shigo kanti, wa ya yi ƙiba, wace ce ta rina gashi, ko teku ta yi fari da kumfa. Kuma ba za a ce ba ta jin daɗin aikin ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fita teku ba ya sauraron kowa, yau ga shi komai sai ya ce, "Bodil, me kika gani?"

Ranar da kwalin Aksel ya iso, ta ari hoton nan ta kai gida ta ɗora masa a tafin hannu. Ya shafa takardar da babban yatsa, ya ce, "Faɗa mini." Ta dubi hoton, ta dubi gefen dama, ta dubi mijinta. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Ni da kai ne. Ka riƙe ni muna rawa, kana kallona kamar an ce maka za a ƙwace ni." Ejnar ya ce, "Haka na yi?" Ta ce, "Haka ka yi." Ranar har wanke kofuna ya yi ba a roƙe shi ba. Daga baya ya sa ta maimaita masa fiye da sau goma, ita kuma kowane karo sai ta ƙara gishiri, har fitilun tasha ta ƙara masa, alhali da rana tsaka aka ɗauki hoton.

To ran Asabar Ejnar zai sa yatsa kan wayarsa ya ji da kunnensa. Ko "yana kallo" ko "ya waiga", duk ɗaya ne, akwai budurwar da ba a taɓa gaya masa ba.

"A yanke gefen hoton," in ji Bodil. "Ai ana yi. A yanke daga akwatin zuwa can."

"Hoton Aksel?" Preben ya sake cire tabarau. "Mu ɗakin tarihi ne. Ba ma yanke mutane."

"Ko an yanke," Rigmor ta ce, "wuyan mijinki ba zai miƙe ba. Sai in rubuta 'ya waiga yana kallon abin da ba ya cikin hoton'. Duk wanda ya ji sai ya tambaya mene ne. Ni dai in ni ce, gara a ce budurwa ce a wuce wurin."

"To a fid da hoton gaba ɗaya."

"Shi ne a kan takardar gayyata, Bodil," Preben ya ce a hankali. "Ke kika zaɓe shi."

Ita ta zaɓe shi kuwa, watannin baya, tun ba a zo da maganar rubutun kunne ba. A takardar gayyatar hoton ƙarami ne kamar kan sarki, ba mai lura da inda wuyan wani ya karkata.

Aka tashi ba a gama ba. Preben ya ce kowa ya je ya kwana da abin, ya ce rubutun Rigmor ya zauna yadda yake tukuna, na Bodil ma haka, in Bodil ta sauko ta ƙara sunan da kanta kafin Asabar, tunda tana da mabuɗi.

Da ta isa gida ta tarar da Ejnar a kicin, waya jingine da tulun kofi, muryar macen da ke karanta wa makafi a cikin waya tana zuba da gudu. Bodil ba ta taɓa gane yadda yake fahimtar wannan gudun ba. Preben ya ba shi hotuna goma na farko ya gwada, tunda shi kaɗai ne makaho a garin da ya iya waya. Kwana tara ke nan yana gwajin.

"Zo ki ji wannan," ya ce. Ya shafa yatsa, muryar ta ce, "Hoto. Maza huɗu suna jan taru kan yashi, na ƙarshe ya naɗe igiyar a kugunsa ya jingina baya da dukan nauyinsa." Ya sake shafawa, ta ce, "Jan taru a bakin gaɓar arewa, 1958. Daga hagu: Poul Bech, Henning Bech, Ove Skov, Karl Thygesen."

"Babana ne na ƙarshen," in ji Ejnar, yana murmushi kamar yaro. "Tun kafin a kai ga sunan na gane shi. Shi kaɗai ke naɗa igiya a kugu, kowa na ce masa wata rana teku za ta ja shi. Rigmor tana da ido, Bodil. Wa zai lura da igiya?"

"Ni na samo sunayen," ta ce. "Kwana uku ina bin 'ya'yan Bech a waya."

"Ai na sani. Sunaye sunaye ne. Amma igiyar nan..."

Ta ajiye masa baƙin burodi da jiƙaƙƙen kifi da ƙarfin da ya sa faranti ya yi ƙara. Shekara huɗu tana masa bayanin duniya, daga safe har dare, bai taɓa cewa tana da ido ba. Rigmor ta yi kwana biyu a birni, ta rubuta layi biyu kan igiya, ta zama mai ido. Ita Rigmor ɗin da ta auri mai gidan burodi, ta binne shi, ta fito daga makoki da jan baki. Ita Rigmor ɗin da har yau in ta gamu da su a hanya sai ta taɓa hannun Ejnar ta ce, "Rigmor ce," wai haka ake yi wa makafi. Wa ya tambaye ta? Yana da mata, matar tana da baki.

"Namu fa?" Ejnar ya tambaya, baki cike. "Na rawar. Ta rubuta?"

"Tana kai."

"Ina so in ji yadda za ta faɗi kallon nan. Ita ba ta ƙari, kin sani. Abin da ke wurin kawai take faɗa."

"Ci abincinka, tsoho," in ji Bodil.

Ran Juma'a bayan azahar ta ce masa za ta kanti. Ta bi ta bayan coci, ta buɗe ɗakin tarihi, ta kunna kwamfuta. Ta san wurin, domin gurbin rubutun kunne yana nan daidai saman gurbin da take cika nata. Ga kalmomin Rigmor a jere, ga budurwa, ga akwati, ga dariya.

Da farko ta goge rabin ƙarshen, ta rubuta "suna kallon juna". Ta zauna tana dubawa. Gobe za a haska hoton a bango, girmansa ya kai ƙofa, Ejnar zai saki muryar kowa ya ji, mutum arba'in masu ido suna zaune. Matar limamin coci kaɗai ta isa. Ta goge. Ta kwafi nata rubutun na ƙasa ta zuba a gurbin, sai ta tuna abin da Rigmor ke cewa kullum, cewa in an yi haka makaho zai ji magana ɗaya sau biyu, bai kuma san komai game da hoton ba. Ejnar zai ce, "Wannan ba hannun Rigmor ba ne," ya tambaya. Ta goge wannan ma.

Sai dabara ta zo mata. A saman shafin akwai zanen igiyar ruwa da Preben ya sa don ado, kuma ta lura muryar ba ta taɓa ambatonsa, tsallake shi take yi kamar babu. Ta buɗe shi ta duba, gurbinsa fanko ne. To ashe haka ne! In babu rubutu, babu magana. Muryar za ta tsallake hoton ta faɗa kan nata rubutun: Ejnar da Bodil, wata takwas kafin aurensu. In ya tambaya sai a ce na'ura ce ta yi gardama, ai kullum tana yi. Kafin a gyara an watse, ita kuma a gida ta san yadda za ta lallaɓa shi.

Ta share gurbin tas, ta danna ajiyewa, ta kashe kwamfuta. Har ta biya kanti ta sayo masa taba mai zaƙi ta lofe, abin da ta hana shi tun bara.

Asabar da ƙarfe biyu aji ya cika. An jera kofi da kek mai almon, an ɗauko kujeru daga coci. Rigmor ta zo da sabuwar jakar nan da ɗan kunne. Preben ya yi jawabi mai tsawo kan marigayi Aksel, sannan ya ce yau za a yi abin da ba a taɓa yi ba a Sildevig, za a kalli hotuna da kunne. Ya zaunar da Ejnar a gaba, ya haɗa wayarsa da lasifika, ya roƙe shi ya rage wa muryar gudu saboda masu ido ba su saba ba. Aka yi dariya. Ejnar ya sa rigarsa ta coci, ya zauna ƙyam, sandarsa a jingine da gwiwa. Bodil tana gefensa na hagu.

Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Hoto ya fito a bango, muryar ta faɗi abin da ke ciki, sai ta bi da su wane ne. Wasu har rufe ido suke yi su ji tukuna, sannan su buɗe su gani ko haka ne. Da aka zo hoton matan da ke gyaran kifi, muryar ta ce ta ukun ta ɓoye sigari a bayanta, hayaƙi yana fitowa ta kafaɗarta, sai rubutun Bodil ya biyo da suna, ashe uwar mai unguwa ce. Ɗakin ya fashe da dariya. Mai unguwa ya ce shekara sittin yana ganin irin hoton nan a bangon gidansu bai taɓa lura ba. Wani ya ce, "Rigmor, Allah ya tsare mu da idonki." Ba wanda ya ce komai kan wadda ta san sunan.

Sai hoton rawa ya cika bango. Aka yi 'yar guɗa, wani ya daki kafaɗar Ejnar. Ya shafa yatsa.

Muryar ta ce, "Hoto. Ejnar, Bodil, Rigmor, rawa, sittin da tara, ɗigo, j, p, g."

Bodil ta sunkuyar da kai.

Ejnar ya karkata kai. Ya sake shafawa. "Ejnar Thygesen da Bodil Krag a rawar bikin tasha, Agusta 1969, wata takwas kafin aurensu. Hoto: Aksel Munk."

"Me ya faru?" in ji Rigmor, ta miƙe. "Ina rubutuna?"

Preben ya leƙa kwamfuta. "Gurbin fanko ne. An share. Wannan da kuka ji sunan da na sa wa hoton ne lokacin da na shigar da shi. In muryar ba ta sami bayani ba, shi take karantawa."

"Ai tsallakewa take yi!" Maganar ta fita kafin Bodil ta kama ta. "Zanen ruwan nan na sama, gurbinsa fanko ne, kuma ba ta..."

Ta tsaya. Mutum arba'in suka juyo.

"Shi wancan akwai ɗan wurin da na danna na ce ado ne kawai," Preben ya ce, murya ƙasa-ƙasa, yana kallon takalminsa. "Shi ya sa take tsallake shi. Wannan ba a danna ba."

Ba wanda ya taɓa kofinsa. Matar limami ta ajiye kek ɗinta a hankali don kada ta rasa ko kalma ɗaya.

"Suna uku na ji da farko," in ji Ejnar. "Daga baya biyu. Rigmor tana cikin hoton?"

"A can gefe ne," Bodil ta ce da sauri. "Can ƙarshe. Kusan ba a ganinta."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ai ba komai ba ne. Akwai kare ma a ciki, shi ma ban faɗa maka ba."

"Babu kare," in ji mai unguwa daga baya, matarsa ta zungure shi.

Ejnar ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar Rigmor. "Me kika rubuta?"

A nan dai a yi wa Rigmor adalci, ta yi jinkiri. Ta dubi Bodil, ta ga fuskarta, kuma ina jin a lokacin ne ta gane abin da aka yi ta faɗa a kai ran Laraba. Ta ce, "Ejnar, a bari sai an watse. In gyara in turo maka."

"Kowa a ɗakin nan yana gani a bango yanzu haka," ya ce. "Ni kaɗai zan jira? Ba don wannan aka yi aikin ba?"

To me za ta ce? Ta faɗa masa, da ka, ba ta ƙara ba. Ta ma sauya, ta ce "ya waiga wajen wata budurwa", ta bar kallon. Amma budurwar tana nan, akwatin yana nan, dariyar tana nan.

Ejnar ya gyara zama. Yana juya sanda a tsakanin tafukansa. Bodil tana jiran faɗa, ta ma shirya amsa: don kai na yi, me zai amfane ka, wa ya share maka hanya shekara huɗu. Sai ta ga gefen bakinsa yana motsi.

"Kan akwatin kifi," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Haka ne. Na Poul Bech ne akwatin, ya yi ta faɗa wai za ki fasa masa. Kin cire takalmi ɗaya, Rigmor. Rawaya ce rigar, ko ba haka ba? Rawaya mai farin wuya."

"Hoton baƙi da fari ne," in ji Rigmor, kunnuwanta sun yi ja. "Ban rubuta launi ba."

"Na sani. Ni na tuna."

Wata tsohuwa a layi na biyu ta ce "Oho," da ƙarfi, ta rufe baki.

Bodil ta miƙe. Muryarta ta fito siririya. "Tawa fa?"

"Taki me?"

"Rigata. Ni da ka riƙe."

"Ɗigo-ɗigo ce," ya ce da sauri.

"Yanzun nan ka ji wannan a bakinta. Launin nake tambaya."

Ejnar ya ɗaga gira. Ya shafa gemu. "Shuɗiya?" ya ce.

"Ja ce! Ja mai farin ɗigo! Sati uku ina ɗinkinta a keken uwata, saboda kai, mai warin kifi!"

"To ja. Ai na kusa." Sai fuskarsa ta canja, dariyar ta bar ta. "Amma Bodil, ke kika ce ina kallonki. Sau nawa kika faɗa mini? Har da fitilu." Ya juya kai kamar yana neman inda take tsaye. "Da kika ce Henning ya tsufa ya fi ni, gaskiya ne? Da kika ce rufin gidanmu bai buƙatar gyara? Da kika ce Rigmor ta yi ƙiba har ba ta shiga kujerar coci?"

"Ni?" in ji Rigmor. "Ni na yi ƙiba?"

Wani ya tuntsire a baya, ya mayar da ita tari.

Bodil ta ɗauki jakarta. Ta zaro mabuɗin ɗakin tarihi ta jefa kan tebur tsakanin kofuna. "Ga shi nan. Rigmor ta rubuta na ido, ta rubuta na kunne, ta sa sunanta a ƙarƙashin duk sittin ɗin. Kai kuma tunda ka sami mai ido wadda ba ta ƙari, ta gaya maka inda safarka take gobe da safe."

"Bodil, zauna mana," in ji Preben, tabarau a hannu. "Layi ɗaya ne fa. 'A zaune, Rigmor Lund.' A gyara yanzu a wuce."

Ta ratsa tsakanin kujeru, mutane suna janye gwiwoyi. Da ta kama hannun ƙofa sai ta tuna, daga nan zuwa gida akwai gangaren coci da matakala bakwai, kuma Ejnar ba ya saukarsu sai da hannun wani. In ta fita, ta san hannun wa zai kama. Ta tsaya. Ta waiga, ko zai kira sunanta.

Ya sunkuya wajen Rigmor, yana tambaya ƙasa-ƙasa, amma makirufon da Preben ya yi jawabi da shi ba a kashe ba, yana kuma kusa da bakinsa: "Takalmin da kika cire, ya fito a hoton?"

Bodil ta fita, ta maka ƙofar da ƙarfin da ya sa kofunan kan tebur suka amsa.